Yadda ake gane wayar tsohon gida ta fara ɗaukar zafi tun kafin ta tayar da gobara

Gidaje da yawa a tsofaffin unguwannin Yamai irin su Bukoki, Lakurusu da Zango an ja musu wuta ne a lokacin da duk kayan kuran na gida bai wuce ƙwai kaɗan, fanka da rediyo ba. Yau wannan wayar ce ke ɗaukar kilim, kwanjilatar ta sayar da ƙanƙara, ayan na guga da resho. Wayar ba ta ƙara kauri ba, sai ma tsufa da ta yi a ƙarƙashin rufin kwano. Abin da ya fi damuna shi ne amanar da mutane suka ba disjonktar: tunda bai faɗi ba, ai lafiya lau. Ba haka ba ne. Disjonktar yana auna yawan kuran da ke ratsa shi ne kawai, kuma akwai zafin da ke cin waya ba tare da ya san ana yi ba. Wannan zafin sai hanci da hannu da ido za su kama shi.

Mataki na 1: zaga gidan a lokacin da kaya ke aiki

Kada ka duba da sanyin asuba. Ka bari sai da rana tsaka ko farkon dare, musamman a watannin Afirilu da Mayu, lokacin da kilim da fanka da kwanjilatar duk suke kunne sun kai awa guda. Fara da hanci. Robar waya idan ta fara dahuwa tana yin ƙauri, wani lokaci kuma ƙarni ake ji kamar na kifi a ɗakin da ba a taɓa ajiye kifi ba. Mutane sukan ɗora laifin a kan mataccen ɓera cikin filafo, alhali firiz ce ke narkewa.

Sai ka ɗora bayan hannunka busasshe a kan murfin kowace firiz da kowane makunni, ban da wanda ya fashe ko ƙarfensa ya fito fili. Ɗan ɗumi a kan fulogin ayan ba abin tashin hankali ba ne. Amma firiz da ke da zafin da ba za ka iya barin hannu a kanta ba, ko makunnin ƙwai da ke ɗumi alhali ƙwai ɗaya yake kunnawa, wannan alama ce babba. Duba bakin ramukan: in sun yi ruwan ƙasa ko baƙi, ko robar ta lanƙwashe, to zafin ya daɗe. Kasa kunne kuma ko za ka ji ƙas-ƙas ko wani siririn zuzu daga bango. Haka nan fulogin da ke faɗowa da kansa, ko ƙwan da ke kyaftawa duk lokacin da aka taɓa waya. Duk firiz ɗin da ta nuna ɗaya daga cikin waɗannan, cire abin da ke jikinta, kashe ƙaramin disjonktar na layinta, ka hana yara zuwa wurin.

Mataki na 2: gane irin zafin

Zafi iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. In waya ta yi ɗumi tun daga farkonta har ƙarshe, kaya ne suka yi mata yawa. In kuwa wuri ɗaya ne ya yi zafi, kamar bayan firiz, cikin akwatin haɗi ko bakin disjonktar, sauran wayar kuma lafiya lau, to haɗi ne ya saki.

Na biyun shi ne mai yaudara. Jan ƙarfe yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, shekara da shekaru, har bis ɗin da ke riƙe da shi ya yi sako-sako. Ƙurar hunturu ta shiga, bakin wayar ya yi baƙi, kuran ya riƙa matsawa ta ɗan ƙaramin wuri. A ce haɗin ya kai rabin om, wato ma'aunin tirjiyar da kuran ke gamuwa da ita a hanya, kana jan amfiya 10 ta cikinsa. Lissafin shi ne 10 sau 10 sau rabi, wato wat 50 na zafi a wurin da bai fi ƙwayar wake ba. Wannan ya isa ya ƙona roba da katakon da ke kusa. Shi kuwa disjonktar mai amfiya 16 abin da yake gani amfiya 10 ne, don haka ba zai motsa ba ko da firiz ɗin ta kama da wuta. Haɗin da aka yi da murɗa wayoyi biyu a naɗe da salatif, wanda ya cika filafon tsofaffin gidaje, shi ne ya fi kowane saurin yin haka.

Mataki na 3: yi lissafin abin da layin ke ɗauka

Wutar NIGELEC ta gida bolt 220 ce. Kowane kaya yana da wat ɗinsa a rubuce a jiki. Tara wat ɗin duk abin da ke kan layi ɗaya, ka raba da 220, ka samu amfiya.

Mu ɗauki misalin gidan haya inda layi ɗaya mai waya 1,5 mm² ke ciyar da ɗaki da falo. Akwai kilim mai cin kusan wat 1200, ayan 1100, abin dafa ruwa 1500, kwanjilatar 220. Jimla wat 4020, wato amfiya 18 da ɗan ɗoriya. Wayar 1,5 mm² a cikin bututu tana iya ɗaukar kusan amfiya 17, amma wannan adadin an tsara shi ne a kan yanayin zafi na digiri 30. A digiri 45 ƙarfinta yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ta koma wajen amfiya 14, kuma tsakanin kwano da filafo a bazarar Yamai zafin yakan wuce haka. Robar da ke rufe wayar an yi ta ne don kada ta wuce digiri 70. In ana wuce wannan kullum, sai ta bushe, ta yi tauri, ta riƙa farfashewa idan an lanƙwasa ta. Kuma zafin waya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kuran: in kuran ya ninka biyu, zafin ninkawa yake yi sau huɗu.

A irin wannan gida disjonktar mai lamba 16 zai riƙa faɗuwa, musamman idan kilim ya tashi ana tsakiyar guga. Sai maigida ya gaji, ya aika a sayo mai lamba 32 daga Katako a saka. Faɗuwa ta tsaya, kowa ya huta. Amma yanzu wayar tana iya ɗaukar amfiya 25 ko 30 tana dahuwa babu mai tsayar da ita. Daidai da wannan ne a ɗaure fizibul da ya ƙone da zaren jan ƙarfe. Ana zaɓen disjonktar ne bisa kaurin waya, ba bisa yawan kayan da ake so a kunna ba. Waya 1,5 mm² kada abin da ke tsaron ta ya wuce amfiya 16, kuma a zafinmu ni na fi natsuwa da 10, a bar ta ga ƙwai da fanka. Waya 2,5 mm² ta firiz kada ya wuce 20. Lambar tana rubuce a fuskarsa, kamar C10, C16 ko C20. Maganin gidan nan shi ne a ja wa kilim layinsa shi kaɗai da waya 2,5 mm² tun daga allon disjonktar, a ja wani don guga da dafa ruwa. A kuma daina jona ralonji a kan ralonji, domin siririyar wayarsu ta fi ta bango rauni.

Mataki na 4: kira mai gyaran wuta, ka tsaya a kansa

Buɗe firiz da akwatin haɗi aikin mai sana'a ne, bayan an kashe babban disjonktar an kuma gwada an tabbatar babu kuran. Abin da ke bayan hatimin NIGELEC kuwa, kwantar da abin da ke gabanta, nasu ne, kada kowa ya taɓa. Ka nemi ya auna layin da abin awon amfiya mai baki kamar ƙaguwa lokacin da kaya ke kunne. Wayar da bakinta ya yi baƙi ba ɗaurewa kawai ake yi ba: a yanke har inda jan ƙarfen ke sheƙi, a sake haɗawa da domino cikin akwati mai murfi, firiz ɗin da ta ƙone kuma a canza ta. In ya lanƙwasa waya robar ta tsage, to layin gaba ɗaya ya ƙare, faci ba zai yi ba. Ka lura da wayar da za a sayo, don akwai wadda a ido ja ce amma in an kankare ta sai farin ƙarfe ya fito. Alminiyom ce aka lulluɓe da jan ƙarfe, ba ta ɗaukar abin da aka rubuta a jikinta.

Mataki na 5: wayar ƙasa da difaransiyal

Idan roba ta tsage waya ta taɓa jikin firiji, ƙarfen firijin ya ɗauki kuran ke nan. Wannan ne ɗan jan da ake ji idan an taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu ko ba takalmi. Kuran da zai kashe mutum bai kai ko kusa da amfiya ɗaya ba, saboda haka disjonktar na 16 ba ruwansa. Abu biyu ne ke aiki tare a nan. Wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, tana kwashe kuran da ya ɓalle daga jikin kaya zuwa sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Difaransiyal kuma yana gwada abin da ya fita da abin da ya dawo, in ya ga giɓi sai ya yanke nan take. Wanda ke kare ran mutum shi ne mai rubutun 30 mA. In na kusa da kwantar ɗinka 500 mA aka rubuta masa, yana taimakawa wajen rage haɗarin gobara amma bai isa ya kare yaron da ya taɓa firiji ba. Akwai maɓalli mai harafin T a jikinsa; danna shi sau ɗaya a wata. In wuta ba ta ɗauke ba, ya lalace, a canza shi.

Sandar ƙasa a yi ta kai mita 2, a haɗa ta da waya mai kauri 16 mm² da maɗauri mai bis wanda za a iya dubawa. Busasshen yashi ba ya karɓar kuran da kyau, shi ya sa ake neman wuri mai danshi, kuma awon da za a yarda da shi na rani ne, ba na damina ba. A nemi kada ya wuce om 100. In ya wuce, a ƙara wata sanda nesa da ta farko da aƙalla tsawonta, a haɗe su. Kada a yarda a ɗaura wayar ƙasa a bututun ruwa, ko a haɗe ta da wayar nitir, wadda kuran ke komawa ta cikinta, a bayan firiz don a rage aiki, domin ranar da nitir ya saki jikin kowane kaya zai ɗauki kuran. Kuma firiz mai rami biyu kawai ba ta kai wayar ƙasa ga kaya, ko da an kafa sanda a tsakar gida.

In hayaƙi ya riga ya tashi, kashe babban disjonktar tukuna, a fitar da mutane, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Kada a watsa ruwa muddin ba a yanke kuran ba. Yashi ko abin kashe gobara mai hoda ake amfani da shi. Ko wutar ta mutu, kada a mayar da kuran a layin sai an buɗe filafo an duba abin da ke ciki.