Ku yi amfani da ganyen alayyahu da fensir, ku rufe kwalba

'Yan uwa masu shirin gwajin raba launukan ganye, ga shawara: ku ja layin farawa kusa da gindin takardar gwajin da fensir, kada ku taɓa biro. Tawadar biro tana narkewa ta hau takarda tare da launukan ganyen, sai ta ɓata muku komai.

Ku daka ganyen alayyahu da ɗan asiton kaɗan, wato sinadarin da ke narkar da launukan ganyen. Ku ɗiga ruwan ganyen a kan layin, ku bari ya bushe, ku sake ɗigawa a wuri ɗaya har sau da yawa, ɗigon ya yi duhu amma ya kasance ƙarami. In za ku tsoma gindin takardar a ruwan sinadarin da ke cikin kwalba, kada ruwan ya kai layin, in ya kai zai wanke ɗigon. Sannan ku rufe kwalbar, domin in ruwan yana tashi iska, hawansa ba zai yi daidai ba.

Da kun ciro takarda, nan take ku ja alama inda ruwan ya tsaya, kafin ya bushe ya ɓace.

Lissafin Rf, wato lambar da ke kwatanta hawan kowane launi da hawan ruwan:

Rf = nisan launi ÷ nisan ruwa

Ku auna daga layin fensir zuwa tsakiyar tabon. In ruwa ya hau santimita 10, launin karotin mai ruwan lemo ya kai 9.5, Rf ɗinsa 0.95 ke nan. Ba ya wuce 1, in kun samu fiye, awon ne ya kuskure.

Amma fa kada ku kwatanta lambarku da ta littafi sai in ruwan sinadari ɗaya kuka yi amfani da shi. Canza shi kawai na canza lambar.