Kada "ba a mayar da kaya" ta tsorata ku

Jama'a, duk yarjejeniyar da kamfani ya buga muku, ku ɗauki hotonta kafin ku sa hannu.
Sharaɗin da zai cuce ku yana cikin ƙananan rubutun nan.
Misali kun sayi firiji, kwana uku ya daina sanyi, suka nuna muku "ba a mayar da kaya".
A ƙasashe da dama dokar kare masu saye ta fi ƙarfin wannan sharaɗi, tunda ba da ku aka tsara shi ba. Haka ma sharaɗin da ya ba kamfani damar ƙara kuɗi ba sanarwa.
Ku rubuta musu koke, ku haɗa da rasit.
Amma fa idan kayan lafiyarsa ƙalau, ra'ayi kawai kuka canza, da wuya ku yi nasara.