Kafin ka taɓa chkdsk, kwashe kayanka

Idan kwamfuta tana daskarewa duk lokacin da ka buɗe wani fayil, fitilar hadis ɗin, wato faifan ajiyar bayanai, a kunne ba ƙiftawa, duba lafiyar hadis ɗin da manhajar CrystalDiskInfo. In ka ga lamba ta haura sifili a Raw Values na Current Pending Sector Count, wasu gurabe a faifan sun daina karantuwa. A nan mutane ke kuskure: sai su ruga su buga `chkdsk C: /r`, umarnin Windows na duba faifai da gyara shi. Wannan yana bin faifan gurbi-gurbi na awanni, hadis mai ciwo kuwa yana iya ƙarasa mutuwa a hanya. Fara kwafe shi kacokan da ddrescue, manhajar kwafe faifai mai matsala, zuwa wani hadis da bai gaza shi girma ba, don yana tsallake wurin da ya lalace, ya dawo masa daga baya. Sannan ka yi chkdsk a kan sabon. In tsohon yana ƙas-ƙas kuwa, kashe shi kawai, sai masu ceto bayanai.