Babi na Bakwai: Yadda Ake Mayar da Kuɗin Tsohon Tsarin Fansho Cikin Asusun Ma'aikaci

Kafin shekarar 2004, ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu a Nijeriya, irin su masaƙu da majemu da kamfanonin gine-gine, ana cirar wani abu daga albashinsu kowane wata a zuba a wani asusu na bai ɗaya. Da farko sunan asusun NPF, wanda aka kafa a 1961, daga baya kuma dokar 1993 ta maye gurbinsa da NSITF. Da aka kafa dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sake sabuntawa a 2014, sai tsarin ya sauya: kowane ma'aikaci yana buɗe asusun ajiyar fansho da sunansa, wanda a takardu ake rubuta shi RSA, a wurin kamfanin kula da kuɗin fansho da shi kansa ya zaɓa. Hukumar PenCom ce ke sa ido a kan waɗannan kamfanoni. Abin da wannan babi yake son mai karatu ya riƙe shi ne, kuɗin da aka tara masa a tsohon tsari ba sa shiga sabon asusu da kansu, sai mai su ya nema a rubuce.

Mu ɗauki misalin wani ma'aikaci da ya yi aiki a wata masaƙa a Kaduna daga 1996 zuwa 2003, aka rufe masaƙar, ya zauna ba aiki na wasu shekaru, sannan ya samu aikin gadi a wani kamfani a Kano. Kuɗinsa na fansho sun rabu gida biyu, akwai na tsohon tsari da suka taru a zamanin masaƙa, akwai kuma na sabon tsari da kamfanin Kano zai riƙa zuba masa.

Abu na farko da zai tabbatar shi ne yana da asusu guda ɗaya tak. Idan bai taɓa buɗewa ba, zai je ofishin kamfanin kula da fansho da ya zaɓa, ya cike takarda, ya ba da lambarsa ta ɗan ƙasa, wato NIN, da hotonsa da takardar ɗaukarsa aiki, sai a ba shi lambar asusu da ke farawa da haruffan PEN. Wannan lamba tasa ce har ƙarshen rayuwarsa, ko da ya sauya wurin aiki sau goma. Idan kuwa ya taɓa buɗewa a wani aiki da ya yi a tsakani, to tsohuwar lambar zai miƙa wa sabon wurin aikinsa. A nan mutane da yawa suke jawo wa kansu wahala, domin sukan ɗauka sabon aiki sabon asusu yake bukata, ko kuma wani wakilin kamfani da ke neman abokan hulɗa ya lallaɓa su su sake rajista. Mai lamba biyu kuɗinsa sukan warwatsu, kuma ba a biyansa haƙƙinsa sai an warware matsalar an haɗe kuɗin a lamba ɗaya, abin da kan ci lokaci daidai sa'ad da mutum ya fi bukatar kuɗinsa.

Bayan wannan sai maganar tsofaffin kuɗin. Da dokar 2004 ta zo, an miƙa kula da ajiyar mambobin NSITF ga kamfanin Trustfund Pensions, amma wannan ba ya nufin dole ne ma'aikaci ya buɗe asusunsa a can. Kamfanin da yake riƙe da asusunsa, ko wanne ne, shi zai je wa. Zai ce yana son a dawo masa da kuɗinsa na NSITF, a ba shi takardar neman hakan ya cike, ya haɗa da takardar shaidar zama mamba da aka ba shi a zamanin masaƙa, wadda ke ɗauke da lambarsa ta tsohon tsari, da kuma katin shaida. Kamfaninsa ne zai tura takardun a binciki rajista, a ga abin da aka zuba da sunansa, PenCom ta amince, sannan a tura kuɗin cikin asusunsa. Ya kamata ya yi hoton kowace takarda kafin ya miƙa, ya kuma nemi a buga masa hatimi da kwanan wata a kan kwafinsa.

Cikas biyu ne suka fi yawa a wannan mataki. Na farko ɓatan takardar shaida, tun da shekara sama da ashirin ba kwana biyu ba ce, an yi ƙaura, an yi damina, gara ma ta ci rabonta. Wanda tasa ta ɓata kada ya haƙura. Ya tattaro duk abin da ke nuna ya yi aiki a wurin, kamar tsohuwar takardar albashi, da katin ma'aikata, da takardar ɗauka ko ta sallama, ya tambayi kamfaninsa na fansho irin takardar rantsuwar kotu da za su karɓa. Na biyu saɓanin suna. A masaƙa mai yiwuwa an rubuta shi da sunansa da na garinsu, kamar yadda aka saba a da, alhali a katin ɗan ƙasa sunansa da na mahaifinsa ne. Idan sunaye ko ranar haihuwa suka saɓa, aikin yakan tsaya cik, saboda haka gara a daidaita su tun kafin a miƙa takarda.

Akwai gaskiya guda da ya kyautu a faɗa tun yanzu. Abin da za a tura shi ne abin da rajista ta nuna an zuba, wanda wani lokaci bai kai abin da aka cire daga albashi ba, domin akwai wuraren aikin da suka cire amma ba su kai ba. Albashin wancan zamani kuma ƙarami ne, don haka kada mutum ya sa rai da dukiya mai yawa. Sannan kuɗin ba a hannu ake ba da su ba: asusu suke shiga, a ci gaba da juya su tare da sauran, har mai su ya yi ritaya ko ya kai shekara 50, duk wanda ya zo daga baya. Wanda ya rasa aiki kafin wannan shekara, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, doka ta ba shi damar cirar kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun.

Yadda za a gane kuɗi sun iso shi ne ta takardar bayanin asusu, wadda kamfani ke fitarwa duk wata uku. Tsofaffin kuɗin za su bayyana a dunƙule a layi guda, daban da zubin wata-wata. Shi ma zubin wata-wata ana iya auna shi. A ƙarƙashin dokar 2014, ma'aikaci yana ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, wurin aiki kuma aƙalla kashi 10, daga jimillar ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Idan jimillar mai gadin nan naira 100,000 ce, to naira 8,000 daga gare shi da naira 10,000 daga kamfani sun zama naira 18,000 a wata, wato naira 54,000 a wata uku. In ya ga ƙasa da haka, ya fara tambaya a ofishin albashi, tun da doka ta wajabta wa wurin aiki zuba kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. In bai gamsu ba, ya kai ƙorafi PenCom a rubuce.

Wanda kuma bai ji daɗin kamfanin da ke riƙe da asusunsa ba, tun watan Nuwamba na 2020 an buɗe ƙofar sauya kamfani sau ɗaya a shekara, ba tare da biyan ko kwabo ba. Sai ya fara sabunta bayanansa da lambar NIN a tsohon kamfanin, sannan ya je sabon ya nemi sauyin, lambarsa kuwa ba ta canzawa. Amma mai jiran isowar kuɗin NSITF gara ya dakata har su shiga ya gan su a takardar bayani, kafin ya ɗaga asusun zuwa wani wuri.