Yadda na gyara jerin kayan da muke tura wa 'yan kasuwa

Za mu gyara azuzuwa biyu a Islamiyyarmu da ke Jos, sai muka nemi farashi wajen 'yan kasuwa uku. Takardar farko cewa kawai ta yi: siminti, rodi, fenti. Da amsoshi suka dawo, babu yadda za a kwatanta su. Wani ya sa kuɗin rodi mai milimita 10, wani mai 12. A fenti kuwa, ɗaya galan mai lita 4 ya lissafa, ɗayan bokiti mai lita 20, har mai galan ya zama kamar shi ne mai sauƙi.

Sai na zana tebur mai gida shida: lamba, bayanin kaya, ma'auni, adadi, farashin ɗaya, jimla. Huɗun farko ni na cike, biyun ƙarshe na bar wa ɗan kasuwa. Gidan bayani ne ya fi cin lokaci. Maimakon "rodi", na rubuta "rodi milimita 12, tsawon mita 12", ma'auni sanda, adadi 30. Siminti buhu mai kilo 50, guda 40. Fenti na ruwa, fari, bokiti mai lita 20, guda 6.

Kuɗin mota da na sauke kaya na ba su layinsu daban, domin nan ake ɓoye ƙari. A ƙasa na nemi kowa ya rubuta kwanakin da farashinsa zai tsaya, tunda siminti ba ya zama wuri ɗaya. Da takardun suka dawo, na sake ninka adadi da farashin ɗaya a kowane layi, na tarar jimlar rodin mutum ɗaya ta sanda 25 ce, ba 30 ba.