Darasi na Bakwai: Rubuta Jawabin Neman Taimako don Makarantar Al'umma

Ranar ƙaddamar da gidauniya, mai jawabi ba ya samun fiye da 'yan mintoci kafin hankalin jama'a ya watse. Shi ya sa ake rubuta jawabin tun a gida. Abu biyu mutum ke so ya ji kafin ya sa hannu a aljihu: wane ne ke cikin wahalar, kuma nawa ne zai fitar da shi. Labari ne ke amsa ta farko, lissafi ya amsa ta biyu.

A fara da lissafin, domin shi ya fi cin lokaci. Mu ɗauka iskar farkon damina ta kware rufin aji ɗaya a wata makarantar al'umma a gefen Kumo. Kada kwamiti ya zauna a ɗaki ya yanke kuɗi da ka. A kira kafinta ya auna ajin, ya rubuta abin da ake bukata, sannan mutum biyu su shiga kasuwa a Gombe su tambayi farashi a shago biyu ko uku. A rubuta ranar da aka tambaya, domin farashin kwano ba ya zama wuri ɗaya. Yawan yara kuma daga rajista ake ɗauko shi. Idan 64 ne, a ce 64. Na sha jin mai jawabi ya ce "yara sama da ɗari" don abin ya yi nauyi, alhali iyayen yaran suna zaune a wurin, sun san gaskiya. Daga nan duk adadin da ya ambata sai an yi masa kallon shakka.

Labarin kuwa na yaro ɗaya ya isa, kuma ya zama abin da ya faru da gaske. A nemi izinin iyayensa, a sakaya sunansa, kada a tsayar da shi gaban taro a nuna yagaggiyar rigarsa. Taimako muke nema masa, ba tonon asirin gidansu ba.

Ga yadda jawabin zai kasance. Adadin da ke ciki misali ne, ku sa naku.

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mai Gari, Allah gafarta Malam Liman, iyayenmu mata, 'yan uwa, mun gode da kuka amsa kiranmu.

"Akwai wata yarinya 'yar aji uku a makarantar nan. Ranar da iska ta ɗauke rufin ajinsu, da safe ta iske littafinta da ta bari a ƙarƙashin benci ya jiƙe sharkaf. Ta shanya shi a rana, ta zauna tana bin rubutun da ya dushe da fensir don kada darasin ya ɓace mata. Yau a gindin darbejiya suke karatu, da hadari ya haɗo sai a tashe su.

"Su 64 ne a rajista, amma a makon jiya 41 ne suka zo. Kafinta ya auna ajin. Kwano bandir 6 ne, naira 360,000. Katako 180,000, ƙusa 30,000, kuɗin aiki 80,000. Jimla naira 650,000. Iyayen yara sun riga sun haɗa 150,000, saura 500,000.

"Fallen kwano ɗaya naira 3,000 ne. Wanda Allah ya hore masa falle ɗaya ya bayar, mai bandir ya ba da bandir. Wanda ba shi da kuɗi a hannu, muna karɓar masara ko wake. Kowa zai karɓi rasit. Kuɗin za su shiga asusun makaranta, kuma ba sa fita sai da sa hannun mutum biyu. Bayan wata ɗaya za mu liƙa lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a ƙofar makaranta. Idan kuɗin ba su cika ba, za mu fara sayen kwano, mu dawo mu gaya muku abin da ya rage. Allah ya saka da alheri."

Ku lura da naira 3,000 ɗin nan. Bandir ɗaya falle 20 ne, aka raba kuɗinsa, naira 60,000, gida 20. Mai sayar da ƙosai idan ta ji 500,000 za ta ga abin ya fi ƙarfinta, amma falle ɗaya tana iya kai wa. Ku kuma lura cewa an ambaci abin da iyaye suka haɗa. Ɓoye shi don a samu ƙari yaudara ce, kuma baƙo ya fi sakin hannu idan ya ga masu abin sun fara.

Kada a yi alkawarin da kuɗin ba za su iya cikawa ba. Rufi zai hana ruwa shiga aji, amma ba zai ba da tabbacin cewa yaran nan 23 da ba su zo ba duk za su dawo ba, don haka kada a ce za su dawo.

Aiki: Ku zaɓi bukata ɗaya a makarantar unguwarku, ku tambayo farashinta, ku rubuta jawabin. A zama na gaba kowa zai karanta nasa da ƙarfi, abokin zamansa ya sake haɗa lissafin ya ga ko jimlar ta yi daidai.