Ƙaramin Hoton da Ke Fitowa Bayan Ɗaukar Allo a Mac

Wata ɗaliba a Jos ta ce min hotunan allonta suna jinkirin bayyana a Desktop. Na'urarta lafiya lau, ƙaramin hoton nan ne sanadi.

1. Danna Shift-Command-4, ka ja iyakar abin da kake so.
2. Ƙaramin hoto zai fito a kusurwar dama ta ƙasa. Muddin yana nan, ba a ajiye fayil ɗin ba, sai ya ɓace bayan 'yan daƙiƙu.
3. Danna shi ka yanke gefe ko ka zana kibiya, sannan Done.
4. Idan sauri kake, ture shi dama, nan take zai ajiye.

Ni kam na kashe shi: Shift-Command-5, Options, cire alamar Show Floating Thumbnail.